Kafin ka zargi wayarka, gyara maɓallan wasanka

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'adua, na iske ƙanena a rumfar mai cajin waya yana huci. An kashe shi sau huɗu a jere a Free Fire, har ya yanke shawarar sayar da wayarsa ya ciko kuɗi ya sayi babba. Da na karɓi wayar na duba, sai na ga ba laifinta ba ne.

Tsarin maɓallan da yake wasa da shi na wani gwani ne da ya kwafa daga YouTube. Shi gwanin da yatsu huɗu yake wasa, a ɗaki mai inuwa. Ƙanena kuwa manyan yatsunsa biyu kawai yake sa wa, a waya mai inci shida da rabi, cikin hasken rana. A ganina, nan ne yawancin samarinmu ke kuskure: rigar aro ba ta rufe katara.

Gyaran bai kai minti goma ba. Muka shiga Settings, sai Controls, sai Custom HUD. Maɓallin harbi ya yi ƙanƙanta, kuma ya manne da na tsalle, shi ya sa in ya zo harbi sai ya yi tsalle. Muka ƙara masa girma har ya kai faɗin babban yatsansa, muka matsar da na tsallen gefe. Maɓallan da ba ya yawan taɓawa kuma muka rage musu girma, muka dusashe su don kada su rufe abokin gaba. Daga nan ya shiga filin atisaye ya gwada. In yatsa na kuskure maɓalli, ya yi ƙarami. In kana harbin wanda ba ka gani, ya yi girma.

Launi ma haka ne. A PUBG Mobile ana iya canza launin alamar saiti da ke tsakiyar allo. Fara tana ɓacewa a taswirar Miramar mai rairayi, koriya kuma tana sajewa da ciyawar Erangel, don haka zaɓi launin da babu shi a filin. Wanda ja da kore ke rikita wa ido, akwai Colorblind Mode a sashen Graphics.

Sai dai gyaran yana da iyaka. Ba ya maganin rashin sabis. In lambar ms da ke allo ta hau sama sosai, za ka yi harbi ne bayan mutum ya riga ya wuce. Kuma ka guji manhajojin waje masu alkawarin saiti da kansa, domin kamfanonin wasan suna rufe asusun wanda suka kama da su, har da duk abin da ya saya a ciki.

Ƙanena dai bai sayar da wayar ba. Har yanzu ana kashe shi, amma yanzu yana ganin wanda ya harbe shi.