Duhu ne ke cinye datarka, ba tsufan waya ba

Ana gobe ƙanwata za ta yi ganawar neman aiki ta Zoom daga gidanmu na Tudun Wada, na kira ta daga Kano don mu gwada. Ban ga komai ba sai inuwa sanye da mayafi. Nan take ta ce sai ta ari waya mai tsada. Na hana ta, domin a ganina yawancin masu ɗora wa waya laifi ba su gano inda gizo ke saƙa ba.

Idan haske ya yi ƙaranci, kyamara takan ƙara wa hoton ƙarfi da kanta, sai ya cika da ɗigo-ɗigo masu motsi kamar yashi. Manhajar da ke matse bidiyo kafin ta tura shi ba ta iya bambance wannan yashi da fuskar mutum sosai, don haka takan ɓarnatar da data wajen aika shi, fuskar kuma ta dushe. Ke nan a wurin da sabis ke da rauni, haske shi ne data mafi araha.

Ita kuwa ta ba wa taga baya ne, kyamarar ta auna hasken waje, ta bar fuskarta cikin duhu. Sai na sa ta juya ta fuskanci tagar, ta goge ƙurar da ke kan gilashin kyamarar, sannan ta jingina wayar a kan tarin littattafai daidai da idanunta. Wayar da ke rawa a hannu tana sauya hoton gaba ɗaya a kowane lokaci, wanda hakan ma ƙarin nauyi ne ga sabis.

Saura intanet. Abin dubawa shi ne saurin turawa, ba na saukewa ba. Zoom ya ce kiran mutum biyu a 720p yana buƙatar kimanin 1.2 Mbps, matsakaicin hoto kuwa 600 kbps. Da muka auna a fast.com, nata bai kai 1 Mbps ba. Don haka da ta koma kan kwamfuta, wayar na ba ta intanet daga bakin taga, muka ɗaga kwamfutar a kan littattafan, muka cire alamar HD a saitin Video. Wani zai ce ai rage inganci ne. Haka ne, amma ƙaramin hoto mai tafiya daidai ya fi babba mai daskarewa a tsakiyar amsa.

Kafin ka kashe kuɗi, dubi alamar ciwon. Yashi a hoto, ƙarancin haske ne. Hazo, ƙura ce. Fuska baƙa da baya fari, taga ce. Tsinkewa da rarrabuwar hoto gida-gida, sabis ne. Babu ko ɗaya a ciki da sabuwar waya ce maganinsa na farko.

Washegari ta yi ganawarta ta minti arba'in, ba wanda ya ce mata: "Ba ma ganin ki."