Sai Cannes ta yi tambari ne za a kalla?

Duk shekara, in 8 ga Maris ta zo, ƙungiyoyin al'adu kan nemi fim ɗin da mace ta shirya, amma iyakar nemansu jerin Cannes da FESPACO. Wannan lalaci ne. Bikin sinima yakan ɗauki kaɗan, dogon fim kuma shi ke shan suna, alhali yawancin aikin matan Nijar gajerun finafinan gaskiya ne.

Malamai nawa suka san Mariama Hima? A shekarun 1980 ta ɗauki masu sana'ar hannu na Yamai: a Baabu Banza ana sarrafa tsohuwar taya, a Falaw alminiyam, a Toukou tsohuwar gangar ƙarfe. Ga darasi a shirye, amma ɗalibin Maraɗi bai taɓa gani ba.

Hanyar nema ba ta ɓuya. A tambayi cibiyar sinima ta ƙasa, CNCN, abin da ta adana. A nemi finafinan ɗalibai mata na tsohuwar IFTIC. A rubuta wa mai fim, a nemi izininta, a biya haƙƙinta. Ƙungiyar da ta ƙi wannan ƴar wahala ta daina cewa mata ba su aiki.