Kafin mu hau motar Arewa, mu gwada gem ɗin da ke wayarmu

'Yan uwa mazauna Kudu, duk wanda ya saba bin hanyar Legas zuwa Kano ya san tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, kuma takan cinye yini da dare. Da yawanmu mukan cika waya da gem saboda yara ko don rage zaman mota, sai an wuce Jebba sabis ya fara ɗaukewa, gem ɗin ya tsaya yana juya ƙawanya. Ra'ayinmu shi ne kada mu yarda da kalmar "offline" da aka rubuta a jikin gem sai mun gwada shi da kanmu a gida.

Dalili kuwa, gem kashi uku ne. Akwai wanda ba ya buɗewa sam sai da intanet, irin su Free Fire da PUBG Mobile, domin da wasu mutane ake bugawa kai tsaye. Akwai wanda komai nasa yana cikin waya, kamar Subway Surfers, ko Ludo King idan an zaɓi wasa da kwamfuta ko da na kusa da kai. Na ukun shi ne mai yaudara: yana aiki ba data, amma sai ya fara sauke sauran kayansa a buɗewar farko, ko kuma ya riƙa tsayar da kai. Candy Crush Saga misali ne. Rai biyar yake ba ka, kowane rai kuma sai bayan minti 30 yake dawowa. Yaron da ya ƙarar da su a Ibadan, jira zai yi ta yi.

Ga gwajin da muke ganin ya dace, kwana biyu kafin tafiya. A sauke gem ɗin, a buɗe shi da data a kunne, a buga har a wuce matakan koyarwa, don ya gama sauke duk abin da yake buƙata. Sannan a kunna Airplane mode, a shiga Settings, a shiga Apps, a zaɓi gem ɗin a danna Force stop. Wannan matakin ne mutane ke tsallakewa. Idan ka kashe data alhali gem yana buɗe, zai ci gaba da aiki da abin da ya riga ya ɗauko, ka ɗauka lafiya lau ne. Sai an rufe shi gaba ɗaya an sake buɗewa gaskiyarsa ke fitowa. A buga minti goma, a sake rufewa a buɗe, a duba ko ya riƙe matakin da aka kai. Wanda ya nuna "No connection" ko ya mayar da kai farko, a goge shi.

Bayan ya ci jarrabawa, kada a taɓa shi. Sabuntawa a daren tafiya na iya sa ya nemi sababbin fayiloli, don haka a shiga Settings na Play Store, ƙarƙashin Network preferences, a mayar da Auto-update apps zuwa Don't auto-update apps. In wuri ya cika a waya, kada a danna Clear data a kan gem ɗin, domin zai share kayan da ya sauke da duk matakin da aka kai. Haka nan wanda aka turo ta Xender a tasha: sau da yawa manhajar ce kawai ke zuwa, manyan fayilolinta suna can a wayar mai turowa.

Wani zai ce ai yanzu akwai sabis a mafi yawan hanya. Haka ne a cikin garuruwa, amma tsakaninsu yana zuwa yana ɗaukewa, kuma wayar da ke ta neman sabis ta fi shan batir. A nan maganar ta wuce wasa. Wayar nan ita ce za mu kira gida da ita idan mota ta lalace cikin dare, da ita kuma za mu tura kuɗi. Fawa bank mai 10,000mAh ba ya cika waya mai 5,000mAh sau biyu, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na cajin yana ɓacewa wajen juyawa. Cikawa ɗaya da ɗan ƙari za a samu.

Shi ya sa muka fi son ƙananan gem irin ludo, dara da kati a kan masu nauyin hoto da ke zafafa waya. Ludo ɗaya ma ya ishi mutum huɗu a kujera guda. A rage hasken fuska, a riƙa kashe Airplane mode a manyan garuruwa don kiran gida ya shigo, kuma da batir ya sauko kashi 40, a karɓi wayar daga hannun yaro.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.