Zoben aure a hannun da ke aiki

Makonni kaɗan da suka wuce wani tsohon ɗalibina ya zo ofishina tare da ƙanensa, wanda ke shirin ɗaurin aure a wata majami'a a Kaduna. Saurayin sana'arsa gyaran wayarin mota, amaryar kuma ma'aikaciyar jinya ce. Ya ciro wayarsa ya nuna mini hoton wasu zobba biyu masu duhu da sheƙi, ya ce: "Malam, waɗannan nake so. An ce ƙarfen tangistin ne, har abada ba ya karcewa." Na dubi hannunsa, na ga kantar sifana da baƙin mai a gefen farce, sai na ce masa kafin mu yi maganar ƙarfe, ya fara gaya mini abin da hannun nan yake yi daga safe zuwa magariba.

Al'adar musayar zobe a wurin ɗaurin aure ta fi ƙarfi a tsakanin 'yan'uwanmu Kirista, amma yanzu matasa Musulmi da dama su ma suna sayen zobe a cikin kayan lefe. Bambancin kawai shi ne namiji Musulmi ba ya sa zinare, sai dai azurfa. Ko wane ne zai saya, tambayar ɗaya ce: zoben da za a sa shekara talatin ko arba'in a hannun da ke riƙe sifana ko sirinji, da wane ƙarfe ya kamata a ƙera shi?

Kuskuren farko shi ne ɗaukar tauri a matsayin ƙarko. A 1812 wani masanin ma'adinai Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10, wanda ke nuna wane abu ne zai iya karce wane. Tsantsar zinare da azurfa suna tsakanin 2.5 da 3. Taitaniyam yana wajen 6, tangistin na zobe yana wajen 9, daiman kuwa shi ne 10. Abin lura shi ne ƙwayar yashi, wadda ke cikin ƙasar gareji da ƙurar hunturu, tana kan 7. Ke nan zinare da azurfa da taitaniyam duk za su karce a ƙasarmu, tangistin kaɗai zai tsira. Zuwa nan saurayin yana da gaskiya.

Sai dai ma'aunin bai ce komai ba game da abin da ke faruwa idan nauyi ya faɗo wa zobe. Gilashi ya fi zinare tauri, amma kowa ya san wanda ke fashewa idan an yar da su. Tangistin yana da gautsi: idan ya bugi kankare da ƙarfi yana iya tsagewa, kuma ba maƙerin da zai haɗa shi. Ba a ƙara masa faɗi, ba a rage shi. Yatsan ɗan shekara ashirin da takwas ba shi ne yatsan ɗan shekara arba'in da biyar ba, mace kuma hannunta kan kumbura a lokacin juna biyu. Maƙeri yakan yanka zoben zinare ko na azurfa, ya ƙara ɗan guntu, ya liƙe, ya goge, a ci gaba da sa shi. Na tangistin kuwa ranar da ya matse, ranar ya gama aiki.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Idan guduma ta sami yatsa ya fara kumburi, dole zobe ya fita kafin ya tare jini. Ƙaramin abin yankan zobe na asibiti yana raba zinare ko azurfa cikin 'yan mintuna. Taitaniyam yana yankuwa, amma da wahala da ɓata lokaci. Tangistin ba ya yankuwa da wannan abin sam, sai dai a kama shi da filaya mai kullewa, a riƙa ƙara matsi kaɗan-kaɗan har ya fashe. Dabarar tana aiki, amma sai an sami wanda ya san ta a daidai lokacin. Kyan ɗan maciji ke nan: taurin da ya ja hankalin mai saye shi ne zai wahalar da shi ranar tsautsayi.

Daga nan na koma kan sana'arsa. Batirin mota bolt 12 ne kawai, ba ya jan mutum, shi ya sa ake raina shi. Amma yana iya sakin ɗaruruwan amfiya a lokaci guda. Idan sifana tana kan kan batir mai alamar tarawa, tana taɓa zobe, zoben kuma ya taɓa jikin mota, wuta ta sami gajeriyar hanya, kuma zoben ne hanyar. Cikin daƙiƙa kaɗan zai yi zafin da zai ƙona yatsa a kewaye, wani lokaci har ya liƙe da ƙarfen da ya taɓa. Zinare da azurfa suna cikin ƙarafan da suka fi saurin ɗaukar wuta, amma taitaniyam da tangistin ma suna ɗauka. Haɗari na biyu shi ne maƙalewa. Mutum ya zame daga bayan babbar mota, zoben ya kama ƙugiya ko kan ƙusa, nauyin jiki gaba ɗaya ya rataya a yatsa ɗaya. Zoben ba zai tsinke ba, fata da jijiyoyi ne za su saluɓe, kuma sau da yawa a ƙarshe yanke yatsan ake yi. Babu ƙarfen da ke maganin waɗannan biyun. Maganinsu cire zobe kafin a buɗe bonet.

Saurayin ya ɗan yi shiru, sannan ya ce: "To Malam, in zan riƙa cirewa kullum, ai wata rana zan nema in rasa." Na ce wannan ita ce magana mafi nauyi da ya faɗa tun zuwansa, kuma ita ce ta zaɓa masa ƙarfe. Zoben da za a cire da safe a mayar da yamma bai kamata ya zama mai tsadar da ɓatansa zai hana barci ba. Muka tsaya a kan azurfa mai hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran yawanci jan ƙarfe. Tana karcewa, tana kuma lanƙwasa idan ta yi siriri, don haka na ce kaurin ya kai milimita 2, faɗin kuma 4 ko 5. Idan ta dushe, kowane maƙerin farfaru zai goge ta. Na ƙara masa da sharaɗi ɗaya: ya sami ɗan gwangwani mai murfi a akwatin kayan aikinsa, wuri ɗaya tak da zoben zai riƙa zama. Kada ya rataya shi da sarƙa a wuya, domin sarƙar da ke lilo a kan batir haɗarinta ɗaya da zoben. In yana son alama a hannu lokacin aiki, akwai zoben roba na silikon da ke tsinkewa idan ya maƙale, ko da yake fetur yana kumbura shi, sai an riƙa sauyawa.

Lissafin amarya daban ne. Abokan gabar zobenta ruwa ne da sabulu da safar hannu, sau da dama a kowace rana. Asibitoci da yawa ba sa yarda da komai a hannun ma'aikaci sai zobe sumul marar dutse, wasu sassan ma, kamar ɗakin tiyata, ko shi ba a bari. Dalili a fili yake: dutse da ƙafafun da ke riƙe shi suna yaga safa, suna karce majiyyaci, ƙwayoyin cuta kuma suna maƙalewa a cikin zane da ramuka. Azurfar da ta dace da ango ba ta dace da ita ba, domin robar safar hannu tana ɗauke da sinadarin farar wuta, wanda ke mayar da azurfa baƙa. Farin zinare ma na hana, saboda akan haɗa shi da nikel, wanda ke sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, farin rufin da ake yi masa kuma yana goguwa da yawan wanki.

Saura jan zinare, kuma a nan ne na saɓa wa abin da iyayenmu mata suka saba. A kasuwanninmu an fi daraja karat 21 da 22, masu hatimin 875 da 916, domin zinare a wurin mace ajiya ce ta ranar buƙata. Wannan daidai ne ga sarƙa da awarwaro da ke kwana a akwati. Amma gwargwadon tsarkin zinare, gwargwadon laushinsa. Zoben karat 22 siriri a hannun da ke ɗaga majiyyaci da tura gado zai daina zama da'ira, ya koma kamar ƙwai. Karat 18, mai hatimin 750, kashi uku cikin huɗu zinare ne, sauran azurfa da jan ƙarfe, kuma su ne ke ba shi ƙwari. Muka lissafa mata faɗin milimita 3, kauri 1.5, ramin ciki milimita 17, abin da zai kama tsakanin giram uku da rabi zuwa huɗu. Da wannan adadi za su shiga kasuwa, a auna a gabansu, a rubuta karat da nauyi a rasit. Zoben da aka buga wa haruffan GP rufi ne kawai a kan wani ƙarfe, araha kuwa ba ta ado. Abu biyu za ta kiyaye: ruwan bilic, wanda ke cin ƙarafan da aka gauraya da zinare har zoben ya yi rauni, da zaibar ma'aunin zafi idan ya fashe, wadda ke manne wa zinare ta bar farin tabo.

Abu na ƙarshe shi ne daɗin sawa, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. A nemi zoben da aka ɗan kumbura cikinsa aka kashe kaifin gefensa, domin ya fi saurin wuce gaɓa, ba ya kuma cizon fata idan an dunƙule hannu. Kada a auna yatsa da sanyin safiyar hunturu, lokacin da ya tsuke, domin zoben zai matse a bazara. A auna da yamma bayan an tashi daga aiki, a maimaita a wata rana. Zoben da ya yi daidai yana shiga da sauƙi, ya ɗan yi gardama a gaɓa wajen fita. Idan an cire shi aka ga fatar wurin ta yi ja ko fari tana saɓa, yawanci ba laifin ƙarfen ba ne, sabulu da danshi ne suka kwanta a ƙarƙashi. A riƙa matsar da shi ana ɗaurayewa, ana busarwa.

Da za su tafi, saurayin ya sake duban hoton da ya zo da shi, ya ce shi dai abin da ke damunsa kada zoben ya tsufa. Na ce masa zai tsufa, kamar yadda hannun da ke ɗauke da shi zai tsufa. Karce ba aibi ba ne, maƙeri zai goge shi cikin rabin sa'a. Yatsa ne ba a sayarwa a kasuwa.