Kafin Malam Ya Yi Faɗa, Ya Fara Karanta Amsoshin Da Ba Daidai Ba

 Dukkanmu mun san jawabin da malami kan yi ranar da ya dawo da takardun gwajin da aji ya faɗi: ba ku karatu, wasa ya yi muku yawa, kun ba ni kunya. A ganinmu wannan jawabi asarar lokaci ne, domin yaro zai fita ya san ya faɗi amma bai san inda ya faɗi ba. An ce ba a neman abu inda aka faɗi, sai inda aka yi tuntuɓe. Tuntuɓen kuwa yana nan a rubuce cikin amsar da malam ya ja wa jan biro.

Mu ɗauki misali. A ce aji huɗu ne na firamare, yara 60, an ba su 503 a ɗebe 178. Amsa ita ce 325, amma yara 14 kaɗai suka same ta. Malamin da ya tsaya ga maki zai ga yara 46 da ba su iya ba, shi ke nan. Wanda kuwa ya ware takardun kashi-kashi bisa amsar da aka rubuta zai ga wani abu daban: 22 sun rubuta 475, 13 sun rubuta 425, 4 sun rubuta 681, sauran 7 kuma kowa da tasa, wasu ma ba su rubuta komai ba.

Ga irin jawabin da muke ganin ya kamata wannan malami ya yi, kuma ba zai wuce minti uku ba:

"Yara, ku ajiye biro ku saurara. Sakamakon nan bai yi kyau ba, ba zan ɓoye muku ba. Amma jiya na zauna da takardunku, na ga ba kurakurai arba'in da shida kuka yi ba, uku ne manya. Ga su a allo: 475, 425, 681. Ba zan kira sunan kowa ba, kowa ya duba takardarsa ya ga wace ce tasa. Wanda ya rubuta 475 ba caɓe ya yi ba, akwai hanyar da ya bi, kuma yau za mu gano inda hanyar ta karkace. Kafin mu fara, ku gaya mini: in kana da naira 500 ka kashe kusan 200, zai yiwu canjinka ya kai 475?"

Me ya sa malam ya ce ba caɓe ba ne? Mu bi lissafin. Mai 475 yana ɗebe ƙaramar lamba daga babba a kowane gida, ba ruwansa da wadda ke sama. Ya ga 3 da 8 ya rubuta 5, ya ga 0 da 7 ya rubuta 7, ya ga 5 da 1 ya rubuta 4. An taɓa gaya masa cewa ba a ɗebe babba daga ƙarami, sai ya riƙe maganar ya kai ta inda ba ta aiki. Wannan yaro bai san aro ba tukuna.

Mai 425 kuwa ya san aro, sifili ne ya ruɗe shi. Ya mai da 3 ta zama 13 ya sami 5, ya mai da 0 ta zama 9 ya sami 2, amma ya bar 5 ɗin gidan ɗari yadda take, bai rage ta zuwa 4 ba. Ya ci bashi, amma bai rubuta a littafin wanda ya ba shi ba. Mai 681 shi tarawa ya yi, kuma tarawar tasa daidai ce, alamar ce bai duba ba. Dukkansu sifili suka samu a takarda, amma na farko yana buƙatar darasin mako guda da tsinken tsintsiya ɗaure goma-goma, na biyu darasi ɗaya kan aro daga ƙetaren sifili, na uku kuwa tunatarwa kawai. In aka haɗa su aka sake maimaita darasin yadda aka yi shi da farko, kowa zai koma gida da ciwonsa.

Wannan tunani ba sabo ba ne. Jean Piaget, lokacin da yake aikin gwajin basirar yara a Paris wajen 1920, ya lura cewa yara masu shekaru ɗaya suna yin kuskure iri ɗaya, kuma daga nan bincikensa kan tunanin yara ya samo tushe. A 1978 kuma John Seely Brown da Richard Burton sun nuna cewa da yawa daga cikin kurakuran yara a ɗebewa suna bin ƙa'ida, har ana iya faɗin amsar da yaro zai rubuta tun kafin ya rubuta.

A nan ne ma'aunin yake. Ta yaya malam zai tabbatar ya karanta kuskuren daidai? Ya ba su 62 a ɗebe 27. In fahimtarsa gaskiya ce, masu 475 za su rubuta 45, masu 425 kuwa za su sami 35 daidai, tun da babu sifili a ciki. In bai fito haka ba, to malam ya sake dubawa, ko ya kira yaro ɗaya gefe ya ce masa, "Yi mini shi da baki in ji."

Mun san abin da wasu za su ce: wannan lallashi ne, ranar babbar jarrabawa ba mai tambayar yaro dalilinsa. Amma ku lura, jawabin bai ce kuskure daidai ne ba, da faɗin gaskiyar sakamakon ma ya fara. Abin da ya bari shi ne zagi, kuma dalilin ba tausayi kaɗai ba ne. Yaron da aka kunyata kan amsarsa, gobe zai bar wurin fili ko ya leƙa ta maƙwabcinsa, kuma daga ranar malam ya daina ganin abin da ke cikin kansa.

Wasu kuma za su ce ina malami mai yara 60 zai sami lokaci? Ba duk tambayoyin zai ware ba. Ya zaɓi ɗaya ko biyu da aka fi faɗi, ya ƙirga amsoshin a bayan takarda yayin da yake maki.

Sai dai hanyar tana da iyaka. Takardar da aka bari fili ba ta faɗin ko rashin sani ne, ko lokaci ne ya ƙure, ko yaron bai iya karanta tambayar ba. Amsa iri ɗaya daga yara biyar da ke benci ɗaya tana iya zama satar amsa, don haka a duba wurin zama. A tambayoyin zaɓi kuma, caɓe yana lulluɓe komai, shi ya sa ya fi kyau a ce yara su nuna aikinsu. Akwai kuma ɓangaren da ya fi ɗaci: in yara 22 cikin 60 sun karkace a wuri ɗaya, to amsar tana ba da labarin darasin ne, ba yaran kaɗai ba. Malamin kirki zai karanta wannan ma, ya canza yadda zai koyar da aro gobe.

Ga malamai da iyayen da ke cikinmu, ku ɗauko littafin lissafin yaro ɗaya a daren nan, ku nemi amsoshi uku da aka soke, ku gwada ko za ku iya gano ƙa'idar da ya bi. In kun gano, ku ba shi sabuwar tambaya, ku rubuta amsar da kuke zaton zai bayar kafin ya fara.