Man Kaɗe, Man Kwakwa da Basilin a Hunturun Arlit

Duk wanda hunturu ya taɓa riskarsa a Arlit ko Akokan, inda iskar Sahara ke tsotse danshin jiki har diddige ta yi kaushi, leɓe ya tsage, ya kamata ya fahimci wata ƙa'ida tun kafin ya yi jayayya kan fifikon wani mai a kan wani, wato cewa mai ba ya shayar da fata, iyakacin aikinsa shi ne ya tsare ruwan da ya tarar a cikinta. Saboda haka wanda ya shafa shi a busasshen jiki ya rufe randa ne alhali babu ruwa a ciki. A wannan fage basilin ya fi sauran, domin kusan ba ya barin danshi ya fita, kuma idan aka shafa shi bayan wanka ko alwala, tun jiki bai tsane ba, yakan lausasa faso cikin ƴan kwanaki. Illarsa dai, wadda mutanen garin ma'adinai suka sani sarai, ita ce kama ƙura, kuma a gashi yana taruwa ya yi dauɗar da ba ta fita sai da sabulu mai ƙarfi. Man kwakwa, wanda sanyin dare ke daskarar da shi, ya fi amfani ga gashi, domin yana ratsa silinsa, sai dai ga kaushi ba shi da ƙarfi, a fuska kuwa yana iya kawo ƙuraje. Ni a nawa hukuncin, man kaɗen da fatake ke kawowa daga kudu shi ne matsakaici: a narka ɗan kaɗan a tafin hannu, a bi kitso da shi bayan an yayyafa masa ruwa, a bar wa basilin diddige da leɓe.