Ba kowane jan ido ne Afolo ba

A 1969 wata annobar ciwon ido ta ɓulla a Gana, a shekarar da kumbon Afolo 11 ya kai mutum duniyar wata, sai jama'a suka laƙaba mata sunan kumbon. Sunan ya bi Afirka ta Yamma har ya iso mu, kuma a ganina ya zame mana matsala. Yau da zarar idon mutum ya yi ja, sai a ce Afolo ne, a aika yaro kemis ya sayo maganin ɗigawa. Alhali ja alama ce kawai, kamar zazzaɓi, bai faɗin cutar da ke ƙarƙashinsa.

Afolo na gaskiya kumburi ne na siririyar fatar da ta lulluɓe farin ido, kuma galibi ƙwayar bairos ce ke kawo shi. Ido kan yi ruwa, a ji kamar an zuba yashi, a wayi gari da kwantsa, ya fara da ido ɗaya ya koma ɗayan, kuma sau da yawa akwai wani a gida ko a makaranta da ya riga ka kamuwa. Idan aka goge kwantsar, gani yana nan daram. Yakan warke da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na alaji kuwa, wato wanda ƙura ko wani abu da jiki bai jituwa da shi ke tayarwa, ƙaiƙayi ne babbar shaidarsa. Yana kama ido biyu tare, yana tafiya yana dawowa, wani lokaci da atishawa, kuma ba a ɗaukarsa daga wani.

Akwai kuma ja na uku, wanda saboda shi na ɗauki alƙalami. Wani ɗan'uwana tela ya kwana biyar yana ɗiga maganin Afolo a idonsa na hagu. Babu kwantsa, babu ƙaiƙayi, babu wanda ya kamu a gidansa, idon dama kuma lafiya lau. Abin da yake ji zugi ne daga can ciki har zuwa gira, ba ya iya kallon bakin ƙofar shago da rana, zare kuma ya daina shiga masa allura. Da aka kai shi asibitin ido, likita ya ce yubiyaitis ne, wato kumburin da ke cikin ƙwayar idon kanta, a sashen nan mai launi da ke kewaye da ɗigon tsakiya inda haske ke shiga. Wannan sashe yana motsi duk lokacin da haske ya sauya, shi ya sa haske ke sa ciwo. Idan aka yi jinkiri, yakan manne da madubin ido da ke bayansa, ya jawo yana ko hawan jinin ido. Wani lokaci tarin fuka ko ciwon gaɓoɓin ƙashin baya ne silarsa, sau da yawa kuma ba a gano dalili.

Tambayoyi uku nake so mai karatu ya riƙe. Shin zugi ake ji mai zurfi, ko dai ƙaiƙayi da yashi-yashi? Shin haske yana sa ciwo? Shin gani ya ragu ko bayan an goge ido? Idan akwai zugi, ko ciwon haske, ko raguwar gani, ranar nan ta ganin likitan ido ce. Akwai gwaji mai sauƙi: a rufe jan idon da tafin hannu, a haska tocilar waya a lafiyayyen. Idan rufaffen ya yi zugi, alama ce mai ƙarfi cewa kumburin na ciki ne, domin idanun biyu tare suke tsukewa. Amma rashin jin zugin bai wanke ido ba. Haka nan farin ɗigo a kan baƙin ido, ko jan ido tare da ciwon kai da amai, ko jan idon jariri, duk ba sa jiran gobe.

Za a ce asibiti da nisa, ga kuɗi, kuma mafi yawan jan ido yana warkewa. Gaskiya ne, ban kuma ce kowane Afolo sai an je asibiti ba. Inda na ƙi yarda shi ne a sayi maganin ɗigawa mai sitiroyid, irin su deksametason, ba tare da an duba ido ba. Da irinsa aka yi wa ɗan'uwana magani, tare da wani mai buɗe ɗigon ido don kada ya manne, amma sai da likita ya leƙa da na'ura. Maganin nan ɗaya, idan gyambo ne a baƙin ido, zai kwantar da jan yayin da ƙwayar cutar ke ci gaba da ɓarna, kuma yawan ɗiga shi kan ɗaga hawan jinin ido, musamman ga yara masu alaji. Mai kemis ba shi da na'urar da zai bambance su.

Telan ya koma kan kekensa, yana zura zare da kansa. Likitan ya gaya masa ciwon yana iya dawowa, kuma idan ya dawo, kada ya tsaya neman masa suna a unguwa.